Motar da Ba Ta Isa Sheme Ba

Maharazu ne ya fara kawo maganar, kuma kamar kowace maganar Maharazu, ta fi shagonsa girma. Shagon gyaran waya ne a bakin tashar Ƙanƙara, mutum biyu in suka shiga sai na uku ya tsaya a rana. Nan ya zaunar da taubashiyarsa Hussaina kan wani mataccen batirin sola, ya ce zai haɗa manhajar waya da za ta gyara hanyar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa gaba ɗaya.

"Ta gyara ta yaya? Kwalta za ta zuba?"

"Ke baiwata, saurara ki ƙaru. Taswira a ciki. Fasinja ya kama kujera yana kwance a ɗakinsa. Farashin masara na kowace kasuwa. Direba ya ga inda 'yan bindiga suke tun bai tada mota ba."

"Wa zai rubuta duk wannan?"

"Wa aka kai makaranta ya karanto kwamfuta? Ni kai, ke hannu."

"Kan da ko hula ba ta zama a kansa."

Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata, domin mahaifinta Malam Labaran direba ne. Duk ranar kasuwa yana bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da tsohuwar Golf ɗinsa, hanyar da ta cinye abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta roƙe shi ya ajiye tuƙi har ta gaji. Amsarsa ba ta canzawa: "In na aje makulli, mi za ku ci? Taswira?"

Saboda haka ta ce wa Maharazu ta yarda, da sharaɗi guda. Abu ɗaya za su fara ginawa, ƙarami, wanda zai yi aiki, su gwada shi a kan hanya kafin su ƙara wani. Suka yi ta ja-in-ja har la'asar. Daga ƙarshe suka tsaya kan abin da duk mai hankali zai tsaya a kai: jan maɓalli babba a fuskar waya. In an tare ka, ka danna, saƙo ya tafi wayar Maharazu a tasha ɗauke da inda kake.

Ta gina shi, ya yi kyau. A cikin shago ba ya kuskure. Sai dai direbobin tashar kusan duk ƙananan wayoyi masu madannai suke riƙewa, waɗanda ba sa ɗaukar manhaja. Maharazu ya ari babbar waya daga kayan gyara ya ba Jabiru, wani matashin direba mai fara'a, da ya ce shi ko a jirgin sama a gwada shi. Hussaina ta sa manhajar a tata wayar, ta shiga bayan motar Jabiru don ta gani da idonta.

Sun bar gari da hantsi, mota cike da mata masu kai waken suya da wani tsoho da akuya a kan cinya. Jabiru yana ta tsokanar tsohon, wai akuyar ma sai ta biya kujera. Gonaki suka ƙare, kurmi ya fara. Hanya ta gangara wani kwari da direbobi ke kira Gangaren Kuka. Hussaina ta duba wayarta, ta ga sabis ya ɗauke. Ta ɗaga kai, sai ta lura sun jima ba su yi kiciɓis da ko babur ɗaya daga gaba ba.

Harbin farko ya fasa gilashin gaba. Na biyu ya sami taya. Motar ta yi wani juyi ta daki kututture, akuyar ta fice ta taga. Kafin ƙura ta lafa sun fito daga cikin sabara, fuskoki naɗe da rawani, bindigogi a hannu.

"Kowa ya fito. Hannu sama. Wayoyi a ƙasa."

Hussaina ta danna jan maɓallin a ƙarƙashin hijabinta tun tana cikin mota. Jabiru kuwa ya fito hannuwansa a sama, sai ta ga idonsa ya faɗa kan aljihun rigarsa. Ta so ta ce masa kada. Hannunsa na dama ya sauko.

Harsashi uku suka zuba masa a ƙirji. Ya faɗo kanta da dukan nauyinsa, suka gangara cikin lambatun gefen hanya tare. Jininsa mai ɗumi ya cika mata fuska da baki. Ta ji yana shure-shure, ta ji ya daina. Wani ya zo ya taka ƙafarta da takalmin roba, ya ce, "Wagga ta tahi." Ta riƙe numfashi har ƙirjinta ya kusa tsagewa.

Daga inda take kwance, da ido ɗaya a buɗe, ta kalli abin da ya biyo baya. Ba su tafi ba. Sun kwantar da fasinjojin a bayan sabara, suka jira. Mota ta biyu ta gangaro daga Ƙanƙara, rediyonta na kiɗa. Suka buɗe mata wuta. Ta uku ta zo, direban ya yi ƙoƙarin juyawa, suka harbe shi ta taga, motar ta ci gaba da tafiya da gawa a sitiyari har ta kife. Ta huɗu. Ta biyar. Kowace ta baro tasha lafiya lau, babu wanda ya ce mata komai. Sai da suka tara mutane kamar garken tumaki, sannan suka kora su daji da bulala.

Da yamma, tana zaune a barandar asibiti da busasshen jinin Jabiru a gashinta, Maharazu na tsugunne gabanta, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba. Saƙon jan maɓallinta ne. Manhajar ta yi ta gwada aikawa tun daga kwarin, sai yanzu ya samu ya shigo.

Bayan sadakar uku Maharazu ya zo gida da sabbin dabaru. A sa maɓallin ya yi aiki da girgiza waya. A sa ya ji kalmar sirri. Kuma wani Alhaji Mamuda, babba a cikin direbobin Sabuwa, ya ce zai tsaya musu in har manhajar za ta haɗa da hanyarsu ta Dandume, da taswira mai nuna motoci suna tafiya.

"A kwarin babu sabis," in ji Hussaina. "Ko rawa wayar za ta yi, saƙo ba zai fita ba. Kuma duk abin da zai sa mutum ya motsa hannu a gaban bindiga, mu muka kashe shi."

"Kada ki ce haka."

"Na riga na ce. Mun gina wa wanda aka tare. Shi ba abin da zai iya. Waɗanda ke tasha za mu gina wa, waɗanda ba su taso ba tukuna."

"To wa zai gaya musu, in wanda aka tare bai iya magana?"

"Shirunsa."

Ta zayyana masa. Waya ɗaya mai layi biyu za ta zauna a shagonsa, a jikin caji. Direba in zai tashi, ya yi wa layin farko filashin, wato ya kira ya katse, ko sisi ba ta fita. In ya isa ɗaya bakin, inda sabis yake, ya yi wa layi na biyu. Kowace ƙaramar waya tana iya wannan. Manhajar ba ta da aiki sai jira. In lokacin isa ya wuce filashin na biyu bai zo ba, ta tura saƙo ga ɗan kamashon Ƙanƙara da na Sheme, masu lodin motoci, su tsayar da kowa.

Maharazu ya kalle ta kamar an ba shi kunu babu suga. "Shi ke nan? Ba taswira? Ba ko hoto? Wannan ai agogo ne. Wa zai kalli wannan ya ce manhaja ce?"

"Ba kallo za a yi ba."

"Sabuwa fa? Alhaji Mamuda fa?"

"Hanya ɗaya. Ƙanƙara zuwa Sheme. In ta yi aiki nan, Sabuwa ba ta gudu. In ba ta yi ba, gara mu yi kuskuren a wuri ɗaya."

"A tura wa kowa da kowa saƙon mana, ba mutum biyu ba."

"Kowa da kowa har da masu kai musu rahoto. Mutum biyun su ke riƙe da ƙofa."

Wannan karon ba ta taɓa kwamfuta ba sai da suka gwada da hannu. Ranar kasuwa ta zauna a shago da wayar a cinya, tana duba kira tana duba agogo, ita ce manhajar. A nan ta gane tsawon lokacin da tafiyar ke ci, mota mai lodi da marar lodi, ta ƙara musu rara saboda ramuka. A nan kuma ta gane direbobi suna tuna filashin tashi, amma da sun isa sai ciniki ya ɗauke musu hankali. Aka sa ɗan kamashon Sheme ya hana buɗe but ɗin mota a sauke kaya sai direba ya yi filashin a gabansa. Sannan ta rubuta manhajar, 'yar ƙarama, fuska ɗaya, sunayen motocin da ke kan hanya kawai. A gwajin farko manhajar ta yi barci, domin wayar tana kashe duk abin da ke aiki a ɓoye don tattalin batiri. Ta nemo inda ake hana ta, ta hana.

Mako na biyu saƙon ya fita. Ɗanlahadi, ɗan kamashon Ƙanƙara, wani ƙato mai murya kamar ganga, ya gindaya benci a ƙofar tasha. Motoci suka tsaya cik, mata suka fara salati. Ashe wani direba ne, Gide, taya ta fashe masa a inda babu sabis, ya sauya, ya kuma zauna ya ci rogo. Da ya iso aka yi ta dariya. Daga ranar direbobi suka raɗa wa manhajar suna Rogon Gide. 'Yan kasuwar da suka makara kuwa ba su yi dariya ba.

Akwai abin da Hussaina ba ta gaya wa kowa ba, ko da yake duk mai lissafi zai gano shi. Abin da ta gina yana ceton mota ta biyu da ta uku. Ba ya ceton ta farko. Sai wani ya faɗa kafin shirunsa ya yi magana.

A tasha kuwa lodi bi da bi ne. Wanda ya kwana a kan layi shi ke fara tashi, ba a tsallake kowa, ba a roƙo. Wata ranar kasuwa ta iso shago da safe, ta ga Golf ɗin mahaifinta ce a baki, ana ɗaure mata buhuna.

Ta same shi yana duba mai. "Baba, ka bar wani ya fara. Ka ce motar tana ɗumi."

"Wa zan ba? Yahuza da ke bayana? Ɗiyanshi huɗu, babbar ba ta kai ki rabi ba." Ya goge hannu da tsumma. "In na ce mashi ya wuce, ya san abin da nike nufi. Kowa ya sani."

"Yau kaɗai."

"Layi layi ne, ɗiyata. Ran da shina gaba, ni ban ce mashi komi ba." Ya zaro ƙaramar wayarsa mai ɗaure da kyauro, ya danna, ya kara a kunne, ya katse. "To ga rogonku nan. Je ki zauna."

Ta koma shago. Sunansa ya bayyana a fuskar wayar: Labaran, kan hanya. Maharazu ya yi ƙoƙarin tsokanarta, ya ga ba wuri, ya koma kan wata waya da yake kwancewa. Yahuza ya ja motarsa baki, aka fara lodi. Fasinjojinsa dillalan hatsi ne, masu sauri, kuɗin ciniki a ƙugu.

Lokacin mota marar lodi ya wuce. Na mai lodi ya wuce. Rarar da ta ƙara saboda ramuka ta fara cinyewa. Hussaina ta kira lambarsa, aka ce ba a samunta. Ta sake kira. Tana cikin kira na uku wayar shagon ta yi ƙara, sunan ya koma ja, saƙon ya fita.

A waje ta ji ƙarar benci a kan ƙasa, da muryar Ɗanlahadi: "Ba mai fita."

Yahuza ya riga ya tada mota. Wani dillali mai babbar riga ya leƙo ta taga. "Kai Ɗanlahadi, ɗauke mana katakon nan. Wancan karon rogo, yau ƙila gyaɗa ce. Kasuwa ba ta jiranmu."

"Alhaji, ko gyaɗa ce sai ta narke."

Dillalin ya fito ya kama bencin. Ɗanlahadi ya kama ɗaya gefen. Mutane suka taru, wani ya ture wani, wani yaron mota ya ɗauko ƙarfen taya. Hussaina ta ratsa tsakiyarsu ba ta san lokacin da ta fito ba, ta tsaya a gaban motar Yahuza, ta dafa bonet da hannu biyu.

"Baban Ummi," ta ce wa Yahuza, "motar Baba ce. Ka taɓa ganin ya tsaya cin wani abu a hanya?"

Yahuza ya dube ta ta gilashi. Ya kashe mota, ya zare makulli, ya jefa a aljihu. Dillalin ya yi ta zagi, sannan ya kira wani ɗan acaɓa, ya haye, suka zagaya ta bayan tasha inda babu benci. Ɗanlahadi bai bi su ba. Yana waya da shugaban 'yan sa-kai, na Sheme ma yana kiran nasu.

'Yan sa-kan suka wuce ta gaban tasha a kan babura, bibbiyu, da bindigogin gida da layu a damtse. Maharazu ya tada nasa babur ɗin, Hussaina ta hau baya, bai ce mata ta sauka ba. Sun kusa kurmi suka fara jin harbi, na 'yan sa-kai mai nauyi ɗaya-ɗaya, na ɓarayin mai sauri kamar ana yayyaga ƙyalle. Suka kwanta a bayan wata tsamiya har ya lafa.

Abin da suka fara tararwa babur ɗin ɗan acaɓan ne, tayarsa na sama. Shi yana gefe, rabin fuskarsa babu. Babbar rigar dillalin tana rataye a jikin ƙaya, shi kuwa an tafi da shi. Gaba kaɗan wani ɗan sa-kai na zaune ya rungume cikinsa, ɗan'uwansa na tura masa rawani a ramin harsashin. Gawar ɓarawo ɗaya tana tsakiyar hanya, an riga an cire mata bindiga. Sauran sun ga an zo musu ta gaba da baya, sun tsere da mutum biyu cikin fasinjojin, suka bar saura.

Golf ɗin tana cikin kwari, ƙofofinta a buɗe, masara na zuba daga buhun da harsashi ya huda. Mota ɗaya. Babu ta biyu a bayanta.

Ta same shi a bayan sabara, jingine da kututture. Fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Hannunsa na dama yana kan cinyarsa, daga wuyan hannu zuwa yatsu ba a gane komai, an farfasa shi da gindin bindiga. Wata mata daga cikin fasinjojin ta ɗaure masa damtse da ɗankwalinta.

Hussaina ta durƙusa. Ta kasa taɓa shi, ta rasa inda za ta taɓa.

"Sun san motocin dillalai na tahe," ya ce, kalmomin na fita da ƙyar ta leɓen da ya fashe. "Suka jira. Shiru. Suka ce in faɗi wa ya hana su zuwa." Ya haɗiyi jini. "Kowane yatsa sai sun tambaya."

"Baba, yi shiru, za mu kai ka asibiti."

"Yahuza ya taso?"

"Bai taso ba. Ba motar da ta taso."

Ya lumshe idon da ya rage. Ta firgita, ta kara kunne a ƙirjinsa, ta ji zuciyar tana bugawa, da ƙarfi ma. Maharazu da wani ɗan sa-kai suka ɗaga shi, ya yi nishi ya buɗe ido, ya dubi hannun da ke reto, ya dubi motar.

"Makullin na jiki," ya ce. "Maharazu, ka ja ta gida. Ni da ita mun gama."

Aka ɗora shi a kan babur tsakanin mutum biyu. Hussaina ta bi su a guje har saman gangaren, riƙe da gwiwar hannunsa don kada ya bugu, sai da wani ya tsaya ya ɗauke ta.